Wannan maɓalli na Merge & Center, da yadda yake ɓata lissafi a ɓoye

Wani abokin aikina ne ya turo min fayil ɗin Excel da yamma, wai in duba masa don tun safe yake fama ya jera kayan ofis daga mai yawa zuwa mai kaɗan abu ya ƙi, duk sanda ya danna Sort sai wani saƙo ya fito ya tsaya masa a gaba. Na buɗe, wallahi teburin ya yi kyau abinsa, take a sama an baje shi a tsakiya, sunan kowane sashe yana zaune cikin ƙaton akwati ɗaya a gefen hagu, kaya na jere a gabansa, in aka buga a takarda ba wanda zai ce komai. Amma ina ganin waɗannan manyan akwatunan na san inda gizo ke saƙar, sel ne aka haɗe.

Bari in zana muku teburin don da shi za mu yi ta magana har ƙarshe. Layi na 1 take ne, an haɗe A1 zuwa C1. Layi na 2 kanun kolum ne: Sashe, Kaya, Adadi. Daga layi na 3 zuwa na 11 bayanai, layi tara ke nan. Ofis yana da kaya huɗu, kujera 12, tebur 5, kwamfuta 8, firinta 2, sai aka haɗe A3 zuwa A6 aka rubuta Ofis sau ɗaya. Sito yana da biyu, kwali 40 da sikeli 3, an haɗe A7 da A8. Gareji yana da uku, taya 16, batir 6, jak 4, an haɗe A9 zuwa A11. In ka tara da hannu Ofis 27 ne, Sito 43, Gareji 26, gaba ɗaya 96. Ku riƙe waɗannan lambobin.

Abin da yawancinmu ba mu gane ba shi ne, in ka haɗe sel huɗu ba su zama ɗaya ba fa. Suna nan su huɗu. A3 ce kaɗai ke riƙe da kalmar Ofis, A4 da A5 da A6 babu komai a cikinsu, mayafi kawai aka lulluɓa musu. Shi ya sa in akwai rubutu a cikinsu lokacin da za ka haɗe, Excel ke gargaɗinka cewa abin da ke sel ta sama ta hagu kaɗai zai ajiye, sauran zai zubar. Ko cikin fayil ɗin kansa haka abin yake, don fayil ɗin xlsx ai zif ne, in ka kwance shi ka leƙa shafin za ka ga haɗin ɗan layi ne da aka ajiye daban can ƙasan bayanan:

```
<mergeCell ref="A3:A6"/>
```

Wato umarni ne ga allo, cewa in za ka nuna waɗannan guda huɗun ka nuna su kamar ɗaya. Ido yana ganin tebur na Ofis ne saboda akwatin ya kai gefensa, ita kuwa na'ura layi-layi take karatu, a layi na 4 abin da ta gani shi ne babu sashe, tebur, 5. Duk matsalolin da za mu lissafa daga nan suka samo tushe, in ka gane wannan ɗin sauran ba sai an yi maka dogon bayani ba.

To mu fara da jerantawa tunda ita ta kawo maganar. Sort ɗaukar layi yake sukutum ya kai shi wani wuri. Kwali 40 ya kamata ya hau sama, amma layinsa na 7 rabin akwatin Sito ne, ɗaya rabin yana layi na 8, kuma wurin da za a kai shi akwati ne mai hawa huɗu. Ba yadda za a yi a yanki rabin akwati a cusa shi cikin wani, sai Excel ya ce "To do this, all the merged cells need to be the same size." Mutane sukan karanta wannan su ɗauka ai in sun daidaita kowane sashe ya zama layi huɗu-huɗu shi ke nan, a'a, duk sel ɗin da ke cikin yankin da ake jerawa ake nufi, har da na kolum B da C waɗanda ba a haɗe ba. Google Sheets ma ƙi yake in akwai haɗi na tsaye a yankin, kalmomin saƙon ne kawai suka bambanta.

Ni wannan saƙon ban ɗauke shi abin haushi ba, gara shi sau dubu, don ya tsayar da kai kafin ka yi ɓarna. Abin tsoro shi ne dabarar da mutum ke yi bayan ya gaji. Abokin nan nawa har ya gwada ta: ya bar kolum A, ya zaɓi B da C kawai ya jera, kuma ya yi, ba saƙo ba komai. Sai ga kwali 40, taya 16, kujera 12, kwamfuta 8 duk sun hau gefen Ofis, batir da tebur sun koma Sito, jak da sikeli da firinta sun faɗa Gareji. Ofis ya tashi daga 27 ya koma 76. Jimillar ƙasa kuwa tana nan 96 daram, don ba abin da ya ɓata, wuri kawai suka canja, saboda haka wanda ya duba jimilla zai ce lafiya lau. Allah Ya so shi ya lura da taya a ofis ya danna Ctrl+Z. A tebur mai layi tara ke nan, ka ƙaddara layi dubu biyu ne kuma an adana an rufe an tafi gida, wa zai gane?

Filta ma haka. Ka saka filta ka zaɓi Ofis, layi ɗaya tak zai fito, kujera. Sauran ukun suna can ƙarƙashin (Blanks) a jerin zaɓin. In ka buɗe filtar kolum ka ga (Blanks) alhali a ido ba wani gurbi a teburin, to alama ce babba.

Sai fomula, nan ne abin ya fi yi min ciwo saboda shiru yake yi. Ka rubuta wannan:

```
=SUMIF(A3:A11,"Ofis",C3:C11)
```

Amsa 12 za ka samu, ba 27 ba. Sito ya ba ka 40, Gareji 16, in ka tara ukun 68 ne, 28 sun yi ɓatan dabo. Ba ja, ba alamar kuskure, lamba ce mai kyau zaune a sel kamar ta gaskiya, kuma a Sito ma 40 da 43 sun yi kusa da juna har ba za ka yi zargi ba. Gwaji mafi sauƙi da nake yi in an ba ni fayil ɗin da ban yarda da shi ba shi ne in sa `=COUNTA(A3:A11)` in kwatanta da `=COUNTA(B3:B11)`. Na farko 3, na biyu 9. Ko kuma a wata sel can gefe ka rubuta `=A4`, za ka ga 0, duk da idonka na gaya maka Ofis ne a wurin.

Kwafin fomula zuwa ƙasa kuma iri biyu ne matsalarsa. Na farko, fomular tana kolum mai lafiya amma tana leƙen kolum ɗin da aka haɗe. A ce a D3 ka sa VLOOKUP ya ɗauki sunan sashe daga A3 ya nemo sunan mai kula da sashen a wani shafi, ka ja ƙasa. D3 zai yi daidai, D7 da D9 ma haka, sauran shidan duk #N/A, don an aike su neman babu. Na biyu, fomular ce kanta ke zaune cikin sel haɗaɗɗiya. In ka kama ɗan ƙullin nan na kusurwa ka ja, ba fomula kaɗai yake ɗauka ba har da siffar akwatin, to in akwatin farko mai hawa huɗu ne na ƙasa mai hawa biyu, sai saƙon girma ɗaya ya sake fitowa. In kuma wurin da kake ja babu haɗi, sai ya haifa maka sababbin akwatuna masu hawa huɗu-huɗu, adireshin fomular ma tsallen huɗu-huɗu yake yi, daga layi na 3 sai na 7 sai na 11. Akwai mafita ta wucin gadi, ka zaɓi duk akwatunan ka rubuta fomular ka danna Ctrl+Enter, za ta shiga kowanne ko da girmansu ya bambanta. Tana aiki, amma fa wanda zai gaji fayil ɗin bai san haka ka yi ba, ranar da ya ƙara layi zai ja ne kamar kowa. Su kuma sababbin fomuloli irin FILTER da SORT da UNIQUE masu zubo amsa zuwa sel da yawa, da zarar sun ci karo da sel haɗaɗɗiya a hanyarsu sai #SPILL! kawai.

Mannawa ba sai na daɗe a kanta ba, kowa ya taɓa shan ta. Ka kwafo sel tara daga wani wuri ka ce za ka manna a kolum A, ko dai ya ƙi da "We can't do that to a merged cell", ko ya kawo maganar girma, ko kuma ya manna ya wargaza haɗin da ka sha wahalar yi, ya danganta da irin mannawar da siffar abin da ka kwafo. In daga haɗaɗɗun ka kwafa zuwa waje da Paste Special da Values, za ka samu Ofis, gurbi uku, Sito, gurbi ɗaya, Gareji, gurbi biyu. Kai ko zaɓar kolum ɗaya ma wahala ce, ka tsaya a B5 ka danna Ctrl+Space don ka zaɓi kolum B, saboda taken nan na A1 zuwa C1 sai ya kwaso maka kolum uku gaba ɗaya. Sannan sel haɗaɗɗiya mai Wrap Text ba ta buɗa tsayin layi da kanta, sai ka ja da hannu, in ka manta rabin rubutun ya ɓuya a bugu.

Yanzu gyara. Ni ban ce a bar kyan tebur ba, wanda ya haɗe sel ai ba mahaukaci ba ne, yana so ne mai karatu ya ga rukuni-rukuni ba tare da an cika masa ido da Ofis Ofis Ofis ba, kuma wannan buƙata ce ta gaskiya. Abin da ake so shi ne a samu wannan kamannin ba tare da an bar sel fanko ba.

Take shi ne mai sauƙi. Ka warware haɗin da Unmerge Cells, rubutun zai koma A1. Ka zaɓi A1 zuwa C1, Ctrl+1, shafin Alignment, a ƙarƙashin Horizontal ka zaɓi Center Across Selection. A ido ba bambanci ko kaɗan, taken na tsakiya, amma sel ukun kowacce tana zaman kanta, za ka zaɓi kolum ɗaya lafiya, ka saka sabon kolum lafiya. Iyakarsa biyu: dole sel ɗin dama su zama fanko, da zarar ka rubuta abu a C1 sai taken ya takure tsakanin A da B, kuma a kwance kawai yake aiki, babu irinsa na tsaye. Ɗan abin da ke rikita mutane shi ne in sun danna kan rubutun a tsakiya sai su ga sandar fomula fanko, don B1 suka danna, rubutun yana A1. A Google Sheets babu wannan zaɓin, can ni nakan bar take a hagu ne kawai ya malala zuwa dama abinsa, in an ƙara masa girma da kauri ba wanda zai ce bai yi kyau ba.

Kolum A ne aikin. Ka zaɓi A3 zuwa A11 ka warware haɗin. Nan fa a yi hankali, kar ka yi Sort yanzu! Wannan ne lokacin da ya fi kowanne hatsari, don Excel ya daina hana ka, kuma layi shida ba su da sashe, in ka jera su sun rabu da iyayensu ke nan, ba abin da zai gaya maka tebur na waye. Sai ka cike gurabun tukuna. Yankin yana zaɓe, ka danna F5, ka danna Special, ka zaɓi Blanks, OK. Zai zaɓo fankon guda shida kaɗai, siginar tana kan A4. Kar ka taɓa linzami, ka rubuta alamar daidai ka danna kibiyar sama, zai zama `=A3`, sai ka danna Ctrl+Enter maimakon Enter. Kowace sel fanko za ta kwafi ta samanta, A4 ta ɗauko daga A3, A5 daga A4, A8 daga A7, har ƙasa. Saura mataki ɗaya da ake yawan mantawa: ka kwafi kolum ɗin ka manna shi a kansa da Paste Special, Values. In ka bar su a fomula, ranar da ka jera kowace za ta kalli sabon maƙwabcinta na sama ta ɗauki sunansa, ka koma gidan jiya. In kuma Blanks ya ce maka "No cells were found", to sel ɗin ba fanko ba ne na gaske, galibi fayil ne da wata manhaja ta fitar ta cusa musu sarari ko rubutu marar harafi, sai ka share su tukuna.

Daga nan SUMIF ɗin nan zai ba ka 27, 43, 26. Filta ta fito da layi huɗu na Ofis. Sort ya tafi sumul.

Amma abokina da ya gani sai ya ce, "To Malam, ai ka ɓata min teburin, oga ba zai so wannan maimaicin ba." Gaskiyarsa. Nan Conditional Formatting ke shigowa. Ka zaɓi A3 zuwa A11, New Rule, ka zaɓi na amfani da fomula, ka rubuta:

```
=$A3=$A2
```

Sai ka shiga Format, shafin Number, Custom, ka rubuta `;;;` wato waƙafi mai ɗigo guda uku. Ma'anarsa duk sel ɗin da abin cikinta ya yi daidai da na samanta kar a nuna shi. Kalmar tana nan ciki, fomula na ganinta, filta na ganinta, ido ne kawai ba ya gani. Wasu farin launi suke ba rubutun, ni na fi son `;;;` don in an canja launin bango farin rubutu tona kansa yake. Sannan ka ƙara doka ta biyu a kan A3 zuwa C11 da `=$A3<>$A2` ka ba ta layin sama a shafin Border, sai ya zama duk inda sabon sashe ya fara an ja layi. Abin daɗin shi ne da ka jera da adadi sunayen sashe za su bayyana a inda ya kamata, da ka mayar da jerin sashe su sake ɓuya, ba ka taɓa komai ba. Bambancinsa da haɗi ɗaya ne, sunan yana saman rukuni ba tsakiyarsa ba, ni kuma ina ganin saman ma ya fi, don in rukuni ya yi layi sittin sunan da ke tsakiya sai ka gangara kafin ka gan shi.

Yana da nasa aibin fa, kar in ɓoye. Dokar tana kallon layin da ke sama ne ko da filta ta ɓoye shi. In ka tace kolum B ka bar kwamfuta kaɗai, layi na 5 zai fito amma gurbin sashe fanko a ido, don A4 da ke ɓoye ma Ofis ce. Saboda haka a fayil ɗin da ake yawan tacewa nakan sa maimaicin ya zama ruwan toka mai haske maimakon in ɓoye shi ɗungurungum, ana iya karantawa amma ba ya cika ido.

Akwai wata dabara da ke yawo wadda nake so in ja kunne a kanta. Ana cike gurabun, sannan a ɗauko siffar haɗi daga wani wuri da Format Painter a shafa a kai, sai akwatin ya fito a haɗe amma bayanan suna nan a ƙarƙashi ba a zubar ba, filta da SUMIF su yi aiki. Wayo ne, na yarda. Amma Sort har yanzu zai ƙi, kuma ranar da wani ya gyara Ofis ya mayar da shi Hedikwata, A3 kaɗai ta canja, ukun da ke ɓoye suna nan a Ofis ba mai ganinsu. In lambobi ne a ciki ma ya fi muni, SUM zai tara har da na ɓoye.

In fayil ɗin ba naka ba ne, an hana ka taɓa siffarsa, ka buɗe kolum na taimako a gefe. A D3 ka sa wannan ka ja ƙasa:

```
=IF(A3<>"",A3,D2)
```

In akwai suna a A ya ɗauka, in babu ya maimaita na samansa. Sai SUMIF da filta su koma kan D. Jerantawa dai ba za ta yiwu ba tunda haɗin na nan. Wanda kuma irin wannan fayil ke zuwa masa duk wata, ya shigo da shi ta Power Query, gurabun za su fito a null, ya zaɓi kolum ɗin ya yi Fill sannan Down, wata mai zuwa Refresh kawai zai danna.

Yadda na fi so a yi tun farko shi ne a raba shafin shigar da bayanai da shafin bugawa. Na bayanai ka mayar da shi Table da Ctrl+T, a cikinsa ma maɓallin Merge & Center dushewa yake ba ya dannuwa, wato ko wani ya so ya haɗe ba zai iya ba. Na bugawa kuma PivotTable ya yi maka, ka sa shi a Show in Tabular Form, in oga ya nace sai ya ga akwati a tsakiya ka shiga PivotTable Options ka kunna Merge and center cells with labels, zai ba ka irin kamannin nan sak, kuma shi ke warwarewa ya sake haɗawa da kansa duk sanda bayanai suka canja. Fom ɗin da za a buga a cike da biro, ko wurin sa hannu a ƙasan takarda, waɗannan ka haɗe abinka, ba mai jera su.

Na abokina dai bayan mun gama gyaran take da kolum A muka sake danna Sort, saƙon ya sake fitowa, muka tsaya kallon juna. Sai na danna Ctrl+F, Options, Format, shafin Alignment, na sa alama a Merge cells, na bar gurbin nema fanko na danna Find All. Ya fito da guda ɗaya, a kolum D da aka ɓoye, wani tsohon bayani ne da aka haɗe D9 da D10 aka rubuta "a sake ƙirga taya". Muka warware shi, kwali 40 ya hau sama da Sito a gefensa.